Yadda za ka rubuta rahoton mai ciwon NMS ba tare da ka tona asirinsa ba

NMS mummunan ciwo ne da magungunan taɓin hankali irin su halofaridol kan haddasa, rahoton kuma na bugawa ne. Da farko jera abin da ya faru kwana-kwana. A ce an yi wa mutum allurar halofaridol, a kwana na 3 jikinsa ya sandare, zazzaɓi ya haura digiri 39, gumi na karyo masa, hankalinsa ya gushe. Rubuta yawan maganin, awon CK na kowace rana, wato gwajin jini mai nuna lalacewar tsoka, da yadda kuka tabbatar ba sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ba ne.

Sai neman izini, kuma a nan ake yawan kuskure. Kada ka miƙa masa takarda yana cikin ruɗewa. Jira ya dawo hayyacinsa, ka karanta masa rahoton da harshen da yake ji, ka gaya masa duk duniya za ta iya gani, kuma ko ya ƙi, kulawarsa ba za ta ragu ba. Izinin magani daban, na bugawa daban. In bai farfaɗo ba, nemi sa hannun makusancinsa.

Daga nan goge suna, lambar kati, gari da sana'a. Maye ranakun kalanda da "kwana na 1". Duba kusurwar takardar gwaji, suna kan maƙale a can. Amma kada ka taɓa alƙaluman gwaji don ɓoye shi.