Yadda ake karanta mitar wuta da lissafin yunit ɗin da aka sha tsakanin karatu biyu

A gidajen haya da shagunan Birnin Kebbi, rigimar kuɗin wuta tana yawan tashi ne a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai intaha, fanka ba ta hutawa, mai firiza kuma tana ta haɗa ƙanƙara. Kati ya ƙare kafin lokacin da aka saba, sai kowa ya fara zargin maƙwabcinsa. Abin takaici shi ne amsar tana nan a jikin bango, mita ta rubuta ta, ba a dai karanta ba. Lissafin ragi ne kawai da ɗan aji huɗu zai iya, muddin ka san irin mitar da ke gabanka, ka kuma san lambar da za ka ɗauka.

Yunit ɗaya shi ne abin da ake rubutawa kWh a fuskar mita, wato wutar da kayan da ke cin wat 1,000 zai sha cikin awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa guda yana aiki ya sha yunit ɗaya. Ƙwan wuta mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya sha hakan.

Fara da gane mitarka

Akwai mita mai ƙirga sama, akwai mai ƙirga ƙasa. Tsohuwar mitar da ake kawo wa bil a ƙarshen wata, da ƙaramar mitar da masu gida ke saya su ɗaura wa ɗan haya ko shago, duk sama suke ƙirgawa: lambarsu ƙaruwa take yi tun ranar da aka ɗaura su, ba ta komawa baya. Mitar kati kuwa, irin wadda kamfanin Kaduna Electric ke ɗaurawa a Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna, abin da ta fi nuna maka shi ne ragowar yunit ɗinka, yana raguwa kamar katin waya. Lissafin su biyun ba ɗaya ba ne, kuma haɗa su ne ke rikita mutane da yawa.

Ɗaukar karatu

Ka je gaban mita lokacin da akwai wuta, domin wasu mitocin fuskarsu dushewa take idan an ɗauke. Mita mai allo tana juya lambobi iri-iri ɗaya bayan ɗaya: kwanan wata, lokaci, ƙarfin wutar da ke shigowa, wani lokaci har da lambar mitar kanta. Kada ka kwafi wadda ka fara gani. Ka jira, ko ka danna maɓalli, har sai lambar da ke da kWh a gefenta ta fito. Idan ka ga lamba wajen 220 ko 230 da harafin V, wannan ƙarfin wuta ne, ba yunit ba. Idan mitarka tana can saman turke, ƙaramin akwatin da kake danna lambobin kati a cikin gida shi zai nuna maka ragowar.

Ka rubuta lambar daga hagu zuwa dama, har da sifirin da ke gaba. Sannan ka lura da lambar ƙarshe. A tsohuwar mita mai lambobi masu juyawa, ta ƙarshen takan zo da jan launi ko cikin jan gida. A mai allo kuma ɗigo ne ke raba ta da sauran. Wannan lamba ba cikakken yunit ba ce, kashi ɗaya ne cikin goma. Idan ka ga 01287 da jan 4, karatunka 1287.4 ne, ba 12,874 ba. Wanda ya manta da wannan zai ɗora wa ɗan haya ninki goma na abin da ya sha.

Ka rubuta rana da lokaci kusa da lambar, ka kuma ɗauki hoto da waya. Ni a ganina hoton nan ya fi komai muhimmanci a gidan da ake tarayya, domin ranar da gardama ta tashi babu wanda zai ce an ƙara masa lamba. Karatu na biyu ka ɗauke shi a irin wannan lokacin: idan na farko bayan sallar asuba ne, na biyun ma haka.

Lissafin

Ga mita mai ƙirga sama:

```
yunit da aka sha = karatun yanzu − karatun baya
```

Ga mitar kati:

```
yunit da aka sha = ragowar farko + duk yunit da aka saka − ragowar yanzu
```

Wannan na biyun shi ne inda ake tuntuɓe. Mutum ya duba ragowa ranar ɗaya ga wata, ya sake dubawa a ƙarshen wata, ya cire wannan daga wancan, ya manta cewa a tsakani an sa kati sau biyu. Don haka duk katin da aka saya a ajiye rasidinsa ko saƙon da ya shigo waya. Abin da ake buƙata a ciki shi ne adadin yunit, ba kuɗin da aka biya ba, ba kuma lambobi 20 ɗin da ake dannawa ba. Katin da aka saya amma ba a danna shi a mita ba tukuna, ba ya shiga lissafi.

Misali daga farko har ƙarshe

A ce wani gida ne a unguwar Badariya, mitar kati ɗaya ce ke ba gidan wuta, a zaure kuma akwai shagon wata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, tana da firiza biyu, an ɗaura mata ƙaramar mita. Ranar 1 ga Afrilu da ƙarfe 7 na safe, babbar mita ta nuna ragowar 42.6, ƙaramar ta shago kuma ta nuna 1287.4. A cikin watan an sa kati sau biyu: na naira 7,000 da ya ba da yunit 87.5, da na naira 5,000 da ya ba da 62.5. Ranar 1 ga Mayu da ƙarfe 7 na safe, babbar ta nuna 28.1, ƙaramar ta nuna 1379.9.

Mu fara da babbar. An shiga watan da 42.6, an ƙara 87.5 da 62.5, jimla 192.6. An fita da 28.1. Idan aka cire 28.1 daga 192.6, saura 164.5. Wannan shi ne abin da gidan da shagon suka sha gaba ɗaya cikin kwana 30. Da an yi ragin gaggawa, 42.6 a cire 28.1, da an ce yunit 14.5 kacal aka sha, abin da ko firiza ɗaya ta fi ƙarfinsa.

Sai ƙaramar: 1379.9 a cire 1287.4, ya ba da 92.5. Wannan na shago ne. Abin da ya rage daga 164.5, wato 72.0, na cikin gida ne.

Kuɗin yunit ɗaya kuma daga rasidi ake fitar da shi: a raba kuɗin da aka biya da yunit ɗin da aka samu. A misalinmu 7,000 a raba da 87.5 ya ba da naira 80. Wannan farashi na misali ne kawai, naka ya danganta da rukunin da layinku yake, daga Band A zuwa Band E. Da wannan farashin, mai shago za ta biya 92.5 sau 80, naira 7,400, gida kuma 72 sau 80, naira 5,760. Wani zai ce jimlar ta kai 13,160 alhali katin 12,000 aka saya. Gaskiya ne, kuma babu kuskure: bambancin naira 1,160 ɗin kuɗin yunit 14.5 ne da aka ci daga ragowar watan jiya. Duk wanda ya sayi wancan katin, shi ke da haƙƙin wannan kuɗi.

Hattara ɗaya game da rasidi: idan akwai tsohon bashi a kan mitar, kamfani kan cire wani kaso daga kowane kati, sai yunit ya yi kamar ya yi tsada. Bashin mai gida ne, bai dace a raba shi da ɗan hayar da ya shigo bara ba. A cire abin da aka zare na bashi tukuna, sannan a raba.

Shin amsar ta yi daidai da hankali?

Kafin ka karɓi kuɗi a hannun kowa, ka gwada amsar. Yunit 92.5 cikin kwana 30 ya kama kimanin yunit 3 a rana. Firiza biyu masu cin wat 150 kowace, wat 300 ke nan. Idan injinansu sun yi awa 10 suna aiki a rana, sun sha yunit 3. Lissafi ya zauna. Da amsar ta fito 925, ka san an haɗiye ɗigo. Da ta fito ƙasa da sifiri a mita mai ƙirga sama, ko dai ka juya karatun biyu, ko an canja mita a tsakani, ko kuma lambobin sun cika sun koma farko. Mita mai gurbi biyar idan ta wuce 99999 sifiri take komawa. Idan karatun baya 99982 ne, na yanzu 00031, sai ka ɗauki na yanzu a matsayin 100031, amsar ita ce 49. Idan kuwa canja mita aka yi, kowace a yi mata lissafinta daban, da karatun rufe tsohuwar da na buɗe sabuwar, sannan a haɗa.

Idan lissafin daidai ne amma yunit ɗin ya yi yawa fiye da kayan da ke gidan, akwai gwajin da ba ya buƙatar ma'aikaci. A fuskar mita akwai ɗan jan ƙwai mai ƙiftawa, kusa da shi an rubuta wani abu kamar 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa 1,000 ita ce yunit ɗaya. Ka kashe komai, ka zare filogi duka, har da firiza da injin cajin batiri, ka tsaya minti biyar kana kallo. Idan ya ci gaba da ƙiftawa, wuta tana fita ta wani wuri: ko an jona waya daga layinka, ko wata waya ta lalace tana zubar da wuta. Daga nan sai a kira mai gyaran wuta. Kada ka buɗe murfin mita ko ka tsinke hatimin da ke jikinta. Laifi ne da ake cin tara a kansa, ga kuma haɗarin rai.

Akwai kuma matsalar da ta shafi ƙaramar mita kaɗai. Idan an ɗaura ta bayan makunnin da ke sauya wutar NEPA da ta janareto, za ta ƙirga duka biyun, babbar kuwa ta NEPA kawai ta sani. Alamarsa ita ce yunit ɗin da ƙaramar ta ƙirga a wata ya kusa kamo wanda lissafin babbar ya nuna an sha, ko ma ya wuce shi. A irin wannan gidan, ko dai a sa mai gyara ya mayar da ita kan layin NEPA kafin makunnin, ko a riƙa rubuta karatunta duk lokacin da za a tayar da janareto da lokacin da aka kashe shi, a cire wannan daga jimlar wata kafin a yi rabon kuɗi.