Firinta na ƙyafta wuta, kai kuma kana ta cire soket

Wallahi na gaji da jin "Malam firintata tana ta kawo jar wuta". In na ce sau nawa, sai a ce ai da yawa. To da yawan nan shi ne saƙon. Da Canon MG2540 zan yi misali tunda ita ta cika shagunan buga takardu daga Tudun Wada har Kawo, in taka Epson ce ko HP kar ka ɗauki lissafin nan, kowace da nata.

Babban kuskuren shi ne rashin lura da wace fitila ce ke ƙyaftawa. In mai ruwan lemo ce ita kaɗai, matsalar da kai za ka gyara ce: sau 2 babu takarda, sau 3 takarda ta maƙale ko murfi a buɗe, sau 5 ba ta gane katirij ba. Amma in koriya da ruwan lemo suna karɓa-karɓa, wannan cikin injin ne. Sau 2 a haka lambar matsala 5100 ce, abin da ke ɗauke da katirij ya kasa tafiya, ko guntun takarda ko fil ɗin sitefila ya tare shi, ko ƙurar hunturu ta rufe siririyar robar nan mai ƙananan layuka dake bayansa, ni da ƙyalle mai laushi nake gogewa a hankali. Sau 7 kuwa 5B00 ne, soson dake shanye ragowar tawada ya cika. Masu yin risetin su bar tsohon soso a ciki, ku jira tawada ta ɓullo kan tebur.

Sai ƙirga. Tana ƙyaftawa, ta ɗan tsaya, ta sake daga farko, daga tsayawar nan ake fara ƙirge, ba daga inda idonka ya faɗa ba. Wani yaron shago ya zo min a fusace wai katirij ɗin PG-445 da ya ɗura wa tawada jiya ya mutu, har ya je kasuwa ya sayo sabo, a cewarsa sau 5 take yi. Muka mayar da tsohon muka ƙirga tare, 16 ne, wato 1688. Firintar ba ta leƙa cikin katirij, lissafi take yi, a wajenta ya ƙare ko ka cika shi. Danne Stop na daƙiƙa 5 ko fiye, shikenan ta ci gaba. Haba, kuɗin ogansa sun tafi a banza! Sai dai daga nan ta daina sa maka ido, in rubutu ya fara dusashewa ka tsaya ka ɗura, bugu da busasshen katirij yana ƙona kansa.

Kashewa da kunnawa kafin ka ƙirga, ka daina. Ni bidiyo nake ɗauka da waya in ƙirga a nutse. Kuma in an sa direba a kwamfuta, tura bugu ɗaya, lambar za ta fito a allo, ita za ka karanto wa mai gyara.