Ƙarshen takardar neman aiki ba wurin bara ba ne

Ƙannenmu da ke fitowa daga jami'ar Tahoua suna kawo mini takardunsu in duba kafin su kai dosiye, kuma kusan kullum a sakin layin ƙarshe suke ɓata rawarsu da tsalle.

Mafi muni shi ne roƙo. "Don Allah don Annabi ku taimake ni, ni ne babba a gidanmu, mahaifina ya rasu." Na san gaskiya kake faɗi. Amma mai karantawa yana da tarin dosiye a gabansa, kuma sai ya gaya wa shugabansa dalilin da ya sa ya zaɓi wane ya bar wane. Maraici ba ya cikin abin da ake ba maki. Daga nan sai ka ƙara da "kowane aiki kuka ba ni zan yi". Haba ɗan'uwa! Ka cika shafi kana nuna ka iya lissafin kuɗi, sannan da layi ɗaya ka rushe shi, ka ce ko gadi ma ya ishe ka.

Na biyu shi ne matsi, kuma shi ya taɓa cinye mini aiki a wata ƙungiya a Niamey. Na rubuta cewa zan zo ofishinsu ranar Litinin mu tsai da magana, ina ganin hakan zai nuna himma. Sanarwar kuwa ta faɗa ƙarara cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a kira. Ba a kira ni ba, daga baya na ji cewa layin nan ne ya sa aka ajiye dosiyena gefe, don ya nuna ban bi abin da suka rubuta ba. Haka "ina jiran amsarku cikin kwana uku" yake. Su ke sa rana, kai dai ka faɗi lokacin da kake samuwa.

Ni yanzu jimla uku nake sa su rubuta. Ga na wata da ta nemi aikin akanta:

"Zan yi farin cikin ganawa da ku don in bayyana yadda na riƙe littafin kuɗin wata ƙungiyar manoman albasa na shekara 2. Zan iya fara aiki daga 1 ga Oktoba, kuma ana samuna a lambar da ke saman takarda. Na gode da lokacin da kuka ba dosiyena."

Jimlar farko ta ba su dalilin kiranta, don akwai abin da za su tambaye ta. In da Faransanci kake rubutawa, gaisuwar ban girma ta zo bayan wannan a layinta daban, da muƙamin da ka buɗe takardar da shi.

Godiya sau ɗaya ta isa. Kada ka ambaci kawunka da ke ma'aikatar. In ka kwafi tsohuwar takarda, duba kada sunan wata ƙungiya ya maƙale a ƙasa. Lambar da ka bayar kuma ta zama wadda ke hannunka, ba ta yayanka da ya tafi Konni ba.