Yadda ake karanta lambobin latitud da longitud a waya

Buɗe taswirar wayarka, ka danna wuri ka riƙe, lambobi biyu za su hito, kamar na Maraɗi:

```
13.50, 7.10
```

Ta farko ita ce latitud, wato nisanka daga layin ikwaita da ya raba duniya biyu arewa da kudu, in babu alama gabanta kana arewa, in da ɗan layin nan na ragi (-) kana kudu. Mu Maraɗi digiri 13 da rabi muke arewa.

Ta biyu longitud, ana ƙirga ta daga layin Greenwich na Ingila, babu alama gabas ke nan, da ragi yamma. Shi ya sa Dakar ke da -17.4, Bamako ma ragi gare ta.

To ga inda mutane ke ɓata, wani wajen kwafa ya turo ma a WhatsApp sai ya juya lambobin, 7.10, 13.50 kuwa Kamaru za ta kai ka, in kuma ba a juya ba amma ragi ya shiga gaban 7.10 ɗin ka tsinci kanka Mali, to ka duba da kyau kahin ka ba ɗan kabu-kabu. Latitud ba ta wuce 90, ka ga 120 a farko an juya su ne.