Idan ka manta PIN ko zanen buɗe wayar Android

1. Daina gwada lambobi barkatai, kuskure na ƙara tsawon jira.
2. Tuno adireshin Gmail da kalmar sirrinsa tukuna. Goge wayar gaba ɗaya za a yi, kuma bayan gogewa za ta nemi asusun da ke kanta, in babu ba za ta buɗe ba.
3. A wata wayar shiga google.com/android/find, da asusun Gmail ɗin nan, zaɓi taka, danna Factory reset don goge ta. Sai wayar da ta kulle tana kan intanet zai yi.
4. Hotuna, saƙonni da hirar WhatsApp da ba a ajiye a Google ba sun tafi ke nan. Lambobin da ke Gmail za su dawo. Abin da ke katin memori yawanci yana tsira, amma cire shi kafin ka fara.

In za ka Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, riƙe rasit da kwalin wayar. "Filashin" ma gogewa ce, kada mai gyara ya ce maka hotuna za su tsira.