Yadda ake raba kuɗin gida da kuɗin shago idan durowa ɗaya ce ke ciyar da kowa

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi a Ghana, masu shagunan kayan masarufi da yawa ba su da wani albashi sai durowar ciniki. Daga nan ake ɗibar kuɗin cefane, a biya makarantar yara, a sayi wutar ECG, a kai gudummawar suna. Babu laifi a ciki, shagonki ne, don iyali kika buɗe shi. Matsalar tana wajen rubutu. Abin da aka kashe don shago ya yi ciniki, shi ake cirewa kafin a san riba. Abin da gida ya ci kuwa rabonki ne kika ɗauka, daga riba idan akwai, daga jari idan babu. In aka haɗa su a layi ɗaya, ba za ki taɓa sanin ko shagon ne ba ya kawo riba ko gidan ne ya fi ƙarfinsa ba.

Ki fara da littafi ɗaya na 'yan makaranta. Shafin hagu ki rubuta "Shago", na dama ki rubuta "Gida". Duk kuɗin da zai fita, ki yi masa tambaya ɗaya: da na rufe shagon nan gobe, zan ci gaba da biyan wannan? Hayar shago, ladan yaron shago, kuɗin aboboya da ta ɗauko kaya daga Kejetia, tikitin asambili, duk za su tsaya, don haka na hagu ne. Cefane, maganin Baba da sabunta katin NHIS na yara ba za su tsaya ba, na dama ne. Gudummawar biki ma ta dama ce, ko da amaryar 'yar babbar mai sayen kayanki ce.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Kada kuɗi ya bar durowa sai takarda ta maye gurbinsa. Yaro ya zo, "Umma, an ce a ba da sidi 20 na gawayi", ki yagi 'yar takarda ki rubuta 20, gawayi, ki jefa a durowa kafin ki miƙa masa. Da dare ki ƙirga kuɗin da ke ciki, ki haɗa da jimillar takardun, ki cire canjin da kika buɗe da shi da safe. Abin da ya fito shi ne cinikin ranar. A ce kin buɗe da 100, kin tarar da 870, takardu sun kama 230, to cinikinki 1,000 ne. Wadda ba ta ajiye takarda ba kuwa, 770 za ta rubuta, ta kwana tana cewa kasuwa ta mutu. MoMo ma haka: idan lambar da masu saye ke turo kuɗi ita ce kike tura wa ƙaninki na mota da ita, ki bi saƙonnin kowane dare ki kai kowanne shafinsa. In da hali, ki ware wa shago layinsa daban.

Sai kayan da ake ɗauka daga kantar shago a kai gida. Gwangwanin madara, sabulu, mudun shinkafa, ba kuɗi ba ne a ido, shi ya sa suke sulalewa. Ki rubuta su a shafin gida a kan farashin da kika saro su, ba wanda kike sayarwa ba, domin ba ki yi ciniki da kanki ba balle ki ci ribar kanki. Idan ba a rubuta ba, ranar ƙirgar kaya za a ga giɓi, kuma yawanci yaron shago ne ke shan zargi a kan madarar da aka sha da shayi a gida.

Akwai kuɗin da gida da shago suka yi tarayya a kansa, musamman in shagon a jikin gida yake kuma mita ɗaya ce. Nan ki yanke kaso sau ɗaya, da hujja, ki tsaya a kansa. Idan firizar shago da fitilunsa ne suka fi jan wuta, ki ce kashi biyu cikin uku na shago, ɗaya na gida. Katin waya ma haka. Kada kason ya riƙa sauyawa da yadda wata ya zo miki.

Ga yadda lissafin wata ɗaya zai kasance, da adadi na misali. Ciniki ya kama sidi 30,000. Kayan da suka bar kanta, a farashin sari, 25,950 ne, amma na 450 gida suka tafi, don haka waɗanda aka sayar na 25,500 ne. Saura 4,500. Shafin hagu yana da haya 400, ladan yaro 600, dakon kaya 350, tikiti 50, da wuta 200 daga cikin 300 da aka saya, jimilla 1,600. Ribar shago ke nan 2,900.

Yanzu shafin dama. Cefane sidi 60 kullum ya zama 1,800, makaranta 700, gudummawar suna 250, wutar gida 100, da kayan nan na 450. Jimilla 3,300. Da an cuɗa komai wuri ɗaya, littafi zai nuna asarar 400, mai shago ta fara tunanin ƙara farashi ko sallamar yaro, alhali shagon lafiyarsa ƙalau. Gida ne ya ci ribar duka ya ƙara da 400 daga jari. Jarin da ya fara wata a 22,000 ya koma 21,600. Ba a jin wannan a wata ɗaya. Alamarsa ita ce ciniki bai ragu ba, amma katan goma da kike sarowa sun koma takwas, ko kin fara karɓar kaya bashi a wurin dilan da a da kike biya hannu da hannu.

Da kin yi wata biyu ko uku kina wannan, ki yanka wa gida abin da zai riƙa karɓa a mako, ƙasa da ribar da kika gani. A misalin nan, 600 a mako ya yi daidai, har da kayan kanta a ciki. Ki cire shi rana ɗaya, ki sa a jaka daban, cefane ya riƙa fita daga can. Babban abu kamar kuɗin makaranta a tara masa tun kafin zango ya zo. Kuɗin susu da kike ba mai zagayawa kullum ba kashewa ba ne, ajiya ce, ban da zubin rana ɗaya da yake riƙewa a matsayin ladansa. Ranar da kika karɓa, in ya koma sari yana nan a jari, in ya tafi hidimar Sallah sai ki rubuta shi a dama. Idan kuma maigida ya ba ki kuɗi kika zuba a kaya, ba ciniki ba ne, ki rubuta shi a matsayin ƙarin jari ko bashi, yadda kuka yi da shi.

Ta fuskar haraji, dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, Act 896, ba ta yarda a cire hidimar gida daga riba ba. Idan hukumar haraji ta GRA ta lissafa miki a kan riba, a kan 2,900 za ta yi, ko kin bar kuɗin a shago ko kin kai gida. Doka kuma ta ce a adana takardun kasuwanci shekara 6, don haka littafin da ya cika ki ɗaure shi da rasitansa ki rubuta watanninsa a bango.