Darasi na Bakwai: Shin kwanciya da tashi sau ɗari-ɗari na ƙona kitsen tumbi?

Wani ɗalibina a ajin yamma, direba ne mai shekara arba'in da 'yan kai, ya tsaya bayan an tashi ya ce da ni, "Malam, wata biyu ke nan kullum bayan asuba ina shimfiɗa tabarma in yi atisayen ciki sau ɗari biyu. Wuyana ya yi tsami, bayana ya ƙage, amma teɓar nan ko gezau." Ya ɗaga rigarsa ya damƙi fatar cikinsa, ta cika masa hannu. Na tausaya masa ƙwarai, domin ba ragwanci ya yi ba. Ya yi aiki tuƙuru, sai dai aikin da ya yi ba shi ne maganin abin da ke damunsa ba.

Atisayen da yake nufi kowa ya san shi. Mutum ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗago kai da kafaɗu wajen gwiwa, ya koma, ya sake ɗagowa. A wannan darasi za mu kira shi kwanta-tashi.

Tsoka daban, kitse daban

Ɗora hannunka a kan cikinka, ka yi tari. Abin da ka ji ya ɗaure a ciki, ita ce tsoka. Yanzu saki jiki ka mintsini fatar da ke gefen cibiya. Abin nan mai laushi da ya shigo tsakanin yatsunka, shi ne kitse. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga yadda suke: jan nama a ƙasa, farin kitse shimfiɗe a kansa. Akwai kuma wani kitsen can ciki, wanda ke naɗe da hanji da hanta. Shi ba a iya mintsininsa, shi ne ke sa tumbi ya turo gaba ya yi tauri, kuma shi ne ya fi haɗari, domin yana tafiya tare da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya.

Kwanta-tashi tsokar yake wa aiki. Zafin nan da kake ji a ciki idan ka kai na talatin, gajiyar tsoka ce. Mutane da yawa suna ɗauka kitse ne ke narkewa, kamar yadda man shanu ke narkewa a kasko. Ba haka jiki yake aiki ba.

Kitse ajiya ce, kamar hatsi a rumbu. Idan jiki ya buƙaci ƙarfi fiye da abin da ya samu a abinci, sai ya aika saƙo ta cikin jini zuwa duk inda ya yi ajiya: ciki, cinya, mazaunai, baya, damtse. Kowane wuri ya saki kaɗan, jini ya kwashe ya kai wa tsokar da ke aiki. Saboda haka tsokar cikinka tana iya ƙona kitsen da ya fito daga cinyarka. Ba ta da wata ƙofa ta musamman zuwa kitsen da ke kwance a kanta.

Abin da aka gani da aka gwada

Wannan magana ba zato ba ce, an gwada ta sau da dama. A shekarar 1984, a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, aka sa maza 13 suka yi kwanta-tashi sau 5,004 cikin kwana 27. Kafin su fara da bayan sun gama, aka ɗebi ɗan kitse daga cikinsu, da bayansu, da mazaunansu, aka auna. Ƙwayoyin kitsen sun ɗan ragu a duka wuraren uku, kusan daidai wa daida. Cikin da ya sha wahalar bai samu wani rabo na musamman ba, kuma faɗin ƙugunsu bai canja ba.

A 2011 aka sake gwadawa a jihar Illinois, da mutum 24, maza da mata. Aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suka riƙa yin atisayen ciki iri bakwai, kwana biyar a mako, har mako shida. Ɗaya kashin ba su yi komai ba. Abincin kowa bai canja ba. Da aka auna, masu atisayen sun ƙara juriya, suna iya yin kwanta-tashi fiye da dā. Amma kitsen cikinsu yana nan yadda yake.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ƙasar Chile a 2013. Mutum 11 suka yi mako 12 suna motsa ƙafa ɗaya tak, sau uku a mako, kowane zama turi kusan dubu. Kitsen jikinsu ya ragu, amma daga hannuwa da gangar jiki ya ragu. Ƙafar da ta yi aikin ba ta fi 'yar uwarta ramewa ba.

Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: masu bincike a Denmark sun nuna a 2007 cewa kitsen da ke maƙwabtaka da tsoka mai aiki yana ɗan saki fiye da na nesa, saboda wurin ya ɗumama kuma jini ya ƙaru. Amma bambancin ɗan mitsitsi ne, bai kai abin da ido ko abin awo zai gani ba. Kada wani ya riƙe wannan ya sayar maka da na'ura.

Mu yi lissafi

Ana auna ƙarfin da ke cikin abinci da wani ma'auni mai suna kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kwanta-tashi sau ɗari ba ya wuce minti uku zuwa huɗu, kuma tsokar da ke yin sa siririya ce, ba ta cin mai da yawa. Idan mun yi mata adalci, mu ce kalori 20.

Ɗauki fensir ka raba 7,700 gida 20. Amsa ita ce 385. Wato sai ka yi ɗari kullum fiye da shekara guda kafin ka ƙona kilo ɗaya, shi ma daga ko'ina a jiki za a tsinto shi. Cokalin abinci ɗaya na man gyaɗa kuwa kalori 120 ne. Ƙaramar kwalbar lemo ta kai 140. Direban nan namu yana yin ɗari biyu da asuba, ya ƙona wajen 40, sannan da rana ta take a tasha ya sha lemo mai sanyi kwalba biyu. Da kurɓi kaɗan ya mayar da abin da ya fitar, har da riba.

Abin da muka tsara da shi

Da farko muka ari tef ɗin awo wurin wata ɗaliba mai ɗinki. Ga yadda ake awon: a tsaya a miƙe, a ɗage riga, a lalubo haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu, yawanci ɗan sama da cibiya. A fitar da numfashi a hankali, kada a tsuke ciki, kada a matse tef. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Tsawon direbanmu santimita 168, rabi 84 ke nan. Ƙugunsa ya nuna 98.

Ban ce ya daina cin tuwo ba, ban kuma haɗa shi da abin da aljihunsa ba zai ɗauka ba. Abu uku muka taɓa. Ya bar kwalbar lemo ɗaya ya sha ruwa, 140 ke nan. Ya ce da mai shayi ya rage masa ƙaramin cokali huɗu na sukari a yini, wajen 65. Sannan bayan la'asar ya yi tafiya mai sauri ta minti 30, irin wadda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga, wajen 140 ga mai nauyinsa. A haɗa, kusan 345 a yini. Raba 7,700 da wannan, za ka samu kwana 22. Kwatanta da 385.

Lissafin takarda ne, jiki ba ya bin sa sak. Idan nauyi ya fara sauka, jiki yakan rage kashe ƙarfi, yunwa kuma ta ƙaru, sai raguwar ta yi sanyi. Amma hanyar ita ce wannan: manyan tsokoki na ƙafa da baya su yi aiki mai tsawo, abin da ke shiga baki kuma ya ɗan ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar aƙalla minti 150 na irin wannan motsi a mako. Noma, jan ruwa a rijiya, daka da tuƙa keke duk suna ciki.

Ya tambaye ni, "To Malam, ta ina zai fara raguwa?" Wannan ba a hannunmu yake ba. Gado ne, da jinsi, da shekaru. Maza sun fi tarawa a ciki, mata a cinya da mazaunai, har sai jinin al'ada ya ɗauke sannan ajiyar takan koma ciki. Dubi kududdufi da rani: gefe ne ke fara bushewa, tsakiya mai zurfi sai daga baya. Wani fuskarsa ce za ta fara faɗawa, tumbin na biye. Abin daɗin shi ne, kitsen can ciki mai haɗari yakan saurari motsa jiki da wuri. Don haka a riƙa awo sau ɗaya a mako biyu, da safe kafin karin kumallo, a rubuta a littafi.

Ɗamarar roba da leda da wasu ke naɗawa don ciki ya yi zufa, ruwa kawai suke fitarwa, kuma da ka sha ruwa ya dawo. Mafi yawan kitsen da jiki ya ƙona ta numfashi yake fita, a matsayin iska, saura kaɗan ya zama ruwa.

Kwanta-tashi yana da nasa amfanin, yana ƙarfafa tsokar da ke tallafe baya. Goma zuwa ashirin a nutse sun wadatar, ba tare da fizgo wuya da hannu ba. Mace mai jego ta dakata tukuna. Idan ta ɗago kai ta ga tsakiyar cikinta ya yi tozo, alama ce tsokar ta rabu lokacin goyon ciki, sai ta nuna wa ma'aikaciyar lafiya. Kuma ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya kumbura cikin 'yan makonni, ko yake ciwo, ko ake jin ƙullutu a ciki, ko ya zo da kumburin ƙafa ko idanu su yi rawaya, wannan na asibiti ne, ba na tabarma ba.

Aikin gida

1. Auna tsawonka da zagayen ƙugunka, ka rubuta su da kwanan wata. Ƙugun ya kai rabin tsawon?
2. Idan mutum ya sha lemo kwalba biyu, kwanta-tashi nawa zai yi kafin ya ƙona su? Nuna lissafinka.
3. Rubuta jimla uku da waɗannan kalmomi: tsoka, kitse, ajiya.